Hutar da Gasasshen Nama: Nazarin Ƙaruwar Zafin Ciki Bayan Saukewa daga Wuta

Tsakure

Wannan maƙala ta duba dalilin da ke sa zafin tsakiyar nama ya ci gaba da hawa bayan an sauke shi daga wuta. An ɗauki cinyar rago a matsayin misali, aka bi ta da lissafin tafiyar zafi a cikin tsoka. Sakamakon ya nuna cewa kaurin nama da ƙarfin wutar da aka gasa shi da ita su ne ke ƙayyade yawan ƙaruwar, don haka ba zai yiwu a ƙayyade wa kowane nama lokacin hutu iri ɗaya ba.

Gabatarwa

Wuta ba ta isa tsakiyar nama kai tsaye. Bayansa take dumamawa, daga nan zafin ya riƙa ratsawa ciki sannu a hankali. A lokacin da mai gashi ya sauke cinya, bayanta na iya kusantar digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, alhali tsakiyarta ba ta wuce 55 ba. Sauke ta bai kawar da wannan tazara ba. Zafi kullum daga wuri mai zafi yake tafiya zuwa wanda bai kai shi ba, kuma saurinsa na bin girman tazarar, kamar yadda Joseph Fourier ya tsara a littafinsa na 1822. Saboda haka tsokar waje za ta ci gaba da tura zafinta ta fuska biyu: wani ya fita cikin iska, wani ya shiga ciki.

Digiri kaɗan na da tasiri a nan, domin furotin ɗin tsoka ba su sauyawa a mataki ɗaya. Mayosin kan sauya a wajen digiri 50, kolajin ya fara takurewa daga 60 zuwa 65, aktin kuwa sai an haura 66. Da zarar aktin ya sauya, tsokar ta tsuke ta matse ruwanta. Naman da aka sauke a 63 ya ƙarasa a 71 ya riga ya tsallaka wannan iyaka, ko da yake babu wuta a ƙarƙashinsa.

Hanyar Bincike

An ɗauki cinya mai nauyin kilo 2 a matsayin dunƙule mai siffar ganga, wanda daga bayansa zuwa tsakiyarsa santimita 5 ne. An ƙaddara cewa zafin na hawa daga tsakiya zuwa waje gwargwadon nisan da aka ninka da kansa, wanda shi ne kusan yanayin naman da ya daɗe a kan wuta. A irin wannan tsari, matsakaicin zafin dunƙulen yana daidai rabin hanya tsakanin na tsakiya da na waje. Lokacin da zafin ke ɗauka kafin ya daidaita an samo shi ta wannan ƙa'ida:

```
τ = R² / (14.7 × α)
```

A nan R shi ne nisan da ke tsakanin baya da tsakiya, α kuma ma'aunin saurin yaɗuwar zafi a tsoka, wanda yake wajen 1.4 × 10⁻⁷ m²/s.

Sakamako da Tattaunawa

Idan an gasa cinyar da wuta mai ƙarfi, tsakiya na 55 waje na 95, matsakaicin zafinta 75 ne. Da za a iya hana zafin fita kwata-kwata, da tsakiyar ta hau da digiri 20. Wannan ita ce iyakar ƙarshe, kuma a zahiri ba a kai ta. Abin da aka saba gani a manyan gasassun nama shi ne ƙarin digiri 3 zuwa 8, wani lokaci ya kai 10 idan wutar ta yi tsanani.

Ina sauran zafin ya tafi? Kaso mai yawa tururi ne ya ɗauke shi. Giram ɗaya na ruwa yana buƙatar jul 2,260 kafin ya zama tururi, shi kuwa giram ɗaya na nama jul 3.5 kawai yake saki idan ya sauka da digiri ɗaya. Ke nan ruwa giram 31, wato kimanin cokalin cin abinci biyu, idan ya tashi daga jikin cinyar, ya isa ya rage matsakaicin zafinta da digiri 10. Wannan ne ya sa rufe nama ke da tasiri sosai. Balangun da aka naɗe a takarda, ko cinyar da aka kife wa kwano, tururinta ba ya samun hanyar fita, sai zafin ya koma ciki. A gefe guda kuma, ɓawon da ya soyu yana jiƙewa ya yi laushi, don haka rufin sako-sako ya fi dacewa.

Idan kuwa an gasa ta da wuta mai sauƙi, tsakiya na 55 waje na 70, iyakar ƙaruwar digiri 7.5 ce, abin da zai rage bayan asarar tururi kuwa bai fi 2 ko 3 ba. Ragunan layya da ake tsirewa a jikin itace a kewaye wuta da su na sa'o'i masu yawa, kamar yadda ake yi a Yamai, sun fi kusa da wannan rukuni.

Game da lokaci, ƙa'idar ta ba cinyar kimanin minti 20. Yankan da nisansa santimita 1 ne kacal bai kai minti ɗaya ba, domin duk lokacin da kauri ya ninka sau biyu, lokacin na ninkawa sau huɗu. Tsire ya fi haka siranta, saboda haka hutar da shi ba ya ƙara masa komai sai sanyi da daskarewar kitse.

Akwai wata magana da ta shahara, cewa hutu na mayar da ruwan nama cikin tsoka. A ganina an kambama ta. Tsokar da ta riga ta tsuke a digiri 70 ba ta sake buɗewa ta sha ruwan da ta zubar. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne ruwan na ɗan yin kauri idan ya huce, sai ya rage malala a kan faranti. Yawan ruwan da nama zai riƙe ya fi dogara ga ƙololuwar zafin da ya kai, kuma a lokacin hutu ake kai wannan ƙololuwa.

Lissafin yana da iyaka. Cinya ba ganga ba ce, tana da ƙashi da kitse, kuma kitse bai kai tsoka saurin wucewa da zafi ba. Shi ya sa ba zai maye gurbin ma'aunin zafi ba. A soka ma'aunin a wuri mafi kauri, nesa da ƙashi, a bar shi a ciki har lambar ta daina hawa. Idan aka yanka aka ga zobe mai faɗi ya yi fari ya bushe, sai ɗan ja a can tsakiya, wutar ta yi yawa kuma ƙaruwar za ta yi yawa. Yanka nama da wuri na tsayar da hawan, domin kowane yanki na sakin tururinsa nan take.

Ta fuskar lafiya, a shekarar 2011 Ma'aikatar Noma ta Amurka ta tsayar da digiri 63 tare da hutun minti 3 ga dunƙulallen naman sa da na rago. Niƙaƙƙen nama sai ya kai 71, kaza kuwa 74, domin a cikinsu ƙwayoyin cuta ba su tsaya a baya kaɗai ba. Mai gasa cinya da wuta mai ƙarfi zai iya sauke ta a wajen 57, ya rufe ta sako-sako, ya jira minti 20, amma kada ya yanka sai ma'auni ya nuna masa 63. Kaza da niƙaƙƙen nama kuwa a bar su a kan wuta har su kai matakinsu kafin a sauke.