Yadda girman ayon ke tsara ginin kiristal a cikin seramik

Galibin kayan seramik, kama daga tangaran zuwa bulon da ake shimfiɗawa a cikin tandun narka ƙarfe, an gina su ne da ayon iri biyu: ƙanana masu cajin fozitif, da manya masu cajin negatif, waɗanda yawanci oksijin ne. Kowane ƙaramin ayon yana zaune a tsakiyar manya, kuma yawan manyan da ke kewaye da shi suna taɓa shi shi ne adadin maƙwabtansa. A shekarar 1929 Linus Pauling ya bayyana ƙa'idar hasashen wannan adadi: a raba rabin faɗin ƙaramin ayon, wato r, da na babban, wato R.

Dalilin yana cikin lissafin siffofi. Ginin ba ya zama daram sai ƙaramin ayon ya taɓa dukkan maƙwabtansa. Idan ya yi wa gurbin kaɗan, manyan za su gogi juna, kuma da yake cajinsu ɗaya ne sai su ture juna, tsarin ya koma mai ƙarancin maƙwabta.

A ɗauki tsari mai maƙwabta 6. Huɗu daga cikinsu suna kusurwoyin murabba'i, ƙaramin yana tsakiya. A daidai lokacin da manyan suka fara taɓa juna, tsawon kowane gefe 2R ne, layin da ya ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa kuwa 2R + 2r. Tun da wannan layi ya ninka gefe sau √2, sakamakon shi ne r/R = √2 − 1 = 0.414. Ƙasa da haka, har zuwa 0.225, maƙwabta 4 ake samu, daga 0.732 zuwa sama kuwa gurbin na ɗaukar 8.

Misali, a MgO rabin faɗin ayon magneziyam nanomita 0.072 ne, na oksijin 0.140. Rabon ya ba da 0.514, wanda ya faɗa tsakanin 0.414 da 0.732. Hasashen ya dace da abin da aka auna: kowane magneziyam na da oksijin 6, tsari irin na gishirin abinci.

Sai dai ƙa'idar ta ɗauki ayon tamkar ƙwallo mai tauri, alhali girmansa na sauyawa da yawan maƙwabtansa. A KCl rabon ya kai kusan 0.76, abin da ke nuna 8, amma maƙwabta 6 gare shi, kuma ba ya komawa 8 sai an matse shi da ƙarfi ƙwarai. Don haka idan rabo ya zo kusa da iyaka, ko ayon ɗin na raba lantarkinsu a tsakaninsu, hukuncin ƙarshe na hannun gwajin haska kiristal da hasken X.