Tsohon Ambulan: Yadda Kan Sarki da Hatimin Gidan Waya Ke Faɗin Ƙasa da Zamani

A gidaje da yawa na tsofaffin ma'aikatan En'e, 'yan kasuwa da alhazan farko, akwai adaka ko akwatin ƙarfe da aka tara takardu a ciki. Idan magada suka buɗe, wasiƙar suke karantawa, su jefar da ambulan. Sau da yawa kuwa wasiƙar ba ta da kwanan wata, ko marubucin ya sa rana da wata ya manta shekara. Abin da ya ɓace a cikin wasiƙar yana nan a jikin ambulan, wato a kan sarki da hatimin da ma'aikacin gidan waya ya buga a kansa. Sai dai kowannensu da iyakar abin da zai iya shaidawa. Kan sarki yana faɗin hukumar da ta buga shi da shekarar da wasiƙar ba za ta girme wa ba. Hatimi shi ke faɗin gari da ranar da aka aika.

Farkon abin dubawa shi ne sunan ƙasa. Tun daga 1840 da Birtaniya ta fito da kan sarki na farko a duniya ba ta rubuta sunanta a jiki, hoton kan mai sarauta kawai take sawa. Saboda haka kan sarkin da ke da hoton sarkin Ingila ba tare da sunan wata ƙasa ba, daga Birtaniya yake. Sauran ƙasashe suna sa suna, amma yawanci da harshensu: HELVETIA na Suwizalan ne, SUOMI na Finlan, MAGYAR na Hangare. Wani sunan ma shi kansa kwanan wata ne. DDR na Jamus ta Gabas ne, wadda ta rayu daga 1949 zuwa 1990. UAR sunan da Masar ta ɗauka ne daga 1958 zuwa 1971. GOLD COAST kuwa ya zama Gana ranar 6 ga Maris 1957.

A ƙasar Hausa lamarin ya fi daɗin bi, domin tarihin mulki ya bar sawunsa daki-daki. Kan sarki mai ɗauke da NORTHERN NIGERIA ya fara fitowa a 1900, da hoton Sarauniya Victoria. A 1902 aka sauya da na Sarki Edward na Bakwai, mai sanƙo da gemu, sannan a 1912 na George na Biyar, wanda shi ma mai gemu ne amma da sumarsa. Bayan Lugard ya haɗe Arewa da Kudu a Janairun 1914, sai a watan Yuni na wannan shekara aka fitar da kan sarki mai sunan NIGERIA kaɗai. George na Shida, wanda ba shi da gemu, ya bayyana daga 1937. A 1953, zamanin Sarauniya Elizabeth, aka fitar da jerin da ke nuna mahayan Barno a na kwabo, gyaɗa a na ahu, gadar Jebba a na taro. Kuɗin da ke jiki ma shaida ne. Harafin d yana nufin tsohon kwabo, don haka 3d taro ne, 6d sisi, 1/- kuma sule. Da zarar an ga harafin k, an shiga zamanin naira da kobo, wanda ya fara ranar 1 ga Janairun 1973.

Inda mutane ke yin kuskure shi ne ɗaukar shekarar fitar kan sarki a matsayin shekarar wasiƙa. Gidan waya ba ya zubar da kayansa don sarki ya mutu. Edward ya rasu a watan Mayun 1910, amma da hotonsa aka ci gaba da aika wasiƙu daga Arewa har 1912. Haka kuma bayan haɗewar 1914 an ci gaba da amfani da ragowar kan sarkin Arewa da na Kudu a ko'ina cikin ƙasar, har ana iya ganin SOUTHERN NIGERIA da hatimin wani garin Arewa a kansa. Ka'idar ita ce, kan sarkin da ya fi sabunta a jikin ambulan shi ke kafa iyakar baya. Wasiƙar ba za ta girme shi ba, amma tana iya zuwa shekaru bayansa.

Hatimin zamanin Turawa da'ira ce, sunan gari a sama, kwanan wata a tsakiya. Watan ana taƙaita shi da haruffa biyu, kuma a nan ake yawan ruɗewa: JA Janairu ne, JU Yuni, JY Yuli, MR Maris, MY Mayu. Shekara kuma galibi lambobi biyu ne na ƙarshe. Sunan garin ma yana taimakawa ko da shekarar ta goge. Turawa ba su ci Kano ba sai Fabrairun 1903, Sakkwato kuma a Maris, don haka hatimin ɗayansu ba zai riga wannan shekara ba. Zungeru ta zama hedikwatar Arewa a 1902, aka ƙaura zuwa Kaduna a 1917, shi ya sa wasiƙun manyan ofisoshin gwamnati na tsakanin nan suka fi ɗaukar hatimin Zungeru.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce ga ambulan da aka aika wa wani kamfani a Liverpool. A kusurwar dama akwai kan sarki biyu, duka kore, duka na ɗari, wato rabin kwabo, duka da hoton George na Biyar. Da ido sai a ce tagwaye ne, domin zanensu ɗaya, amma madubin ƙara girma ya nuna ɗaya an rubuta NORTHERN NIGERIA a samansa, ɗayan NIGERIA. Hatimin ya ce KANO, MR 9, sai lamba 1 da wata lamba da tawada ta cika ta, ba a gane 3 ce ko 5.

Wanda ya tsaya a kan sarkin farko zai ce 1913 ce, tunda Arewa ba ta haɗe da Kudu ba tukuna. Na biyun ya rushe wannan zato. Bai fito ba sai Yunin 1914, watan da ke hatimin kuwa Maris ne, don haka Maris na 1913 da na 1914 duk sun fita. Abin da ya rage shi ne 1915. Daga nan sai a duba ko kuɗin ya yi daidai: ɗari biyu kwabo ɗaya ne, wanda shi ne kuɗin wasiƙa mara nauyi zuwa Birtaniya da ƙasashen da ke ƙarƙashinta a lokacin. Da Faransa za ta, da kwabo biyu da ɗari za a biya, kuma kan sarkin wannan kuɗi shuɗi ne. Mataki na ƙarshe shi ne juya ambulan. Ofisoshin da wasiƙa ta ratsa kan buga nasu hatimin a baya. Idan an ga na Legas bayan 'yan kwanaki, sannan na Liverpool a cikin Afrilun 1915, magana ta ƙare. Tazarar ma ta dace, domin jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, daga Legas kuma jirgin ruwa na Elder Dempster ke ɗaukar jakar wasiƙu, tafiyar makonni. Alamar jirgin sama a kan wasiƙar Kano ta wannan shekara za ta sa a yi shakka, domin jirgin sama bai fara sauka Kano ba sai 1925, jigilar wasiƙu ta yau da kullum tsakanin Kano da Khartoum kuwa a 1936 ta fara.

A Nijar akwai lokacin da kan sarki ba ya faɗin ƙasa sam. A 1921 Faransawa sun ɗauki kan sarkin Haut-Sénégal et Niger mai hoton mahayin raƙumi suka buga TERRITOIRE DU NIGER a kansa. A 1926, shekarar da aka mayar da hedikwata daga Damagaram zuwa Yamai, Nijar ta sami nata na kanta. Amma daga tsakiyar shekarun 1940 zuwa 1959 kan sarki ɗaya ake amfani da shi a duk yankin Faransa na Afirka ta Yamma, mai ɗauke da AFRIQUE OCCIDENTALE FRANÇAISE. Wasiƙar Dakar da ta Maraɗi kamarsu ɗaya, hatimi ne kawai zai raba su, idan ya ce ZINDER, MARADI ko TAHOUA. Haka abin yake a Kamaru ta Ingilishi, inda aka yi amfani da kan sarkin Nijeriya har 1960. Wanda ya ga NIGERIA da hatimin Bamenda ko Buea, ya san wasiƙar ta fito ne daga ƙasar da a yau ke cikin Kamaru.

Wasiƙun alhazai kuma nasu lissafin daban. Hatimin Makka ko Jidda yakan zo da shekarar Hijira da lambobin Larabci. A raba shekarar da 33, a cire abin da aka samu daga cikinta, a ƙara 622. Shekarar 1370 za ta ba da kusan 1950, sai dai tunda ta fara ne a Oktoban 1950, Zulhajjinta ya faɗo a Satumban 1951. Lissafin yana kawo mutum kusa, watan ne ke yanke hukunci.

Shaidun nan ma suna iya yin ƙarya. Ma'aikaci ne ke sauya lambobin hatimi da hannu kowace safiya, kuma yakan kifa lamba, ko a farkon Janairu ya manta ya bar tsohuwar shekara. Akwai kuma 'yan damfara da ke liƙa tsohon kan sarki a ambulan da ba nasa ba don ya yi tsada. Hanyar ganewa ita ce a bi layin da'irar hatimi: dole ya taso daga kan sarki ya zarce kan takardar ambulan ba tare da yankewa ba, da tawada iri ɗaya. Idan da'irar ta tsaya cak a gefen kan sarki, daga wani wuri aka ɗauko shi. Shi ya sa ba a yanke hukunci sai kan sarki, hatimi, kuɗi da hanya sun yi daidai da juna.

Wanda ya gaji irin waɗannan takardu, kada ya ɓamɓare kan sarki daga ambulan ko ya yanke kusurwar da almakashi, domin da zarar an raba su shaidar ta lalace. Kada a liƙe yagewa da salatif, kada kuma a kai shi a yi masa rufin leda mai zafi. A bar wasiƙa cikin ambulanta, a ɗauki hoton gaba da baya, a ajiye a busasshen wuri nesa da gara da laima. In kuma takardun sun shafi sarauta, kasuwanci ko aikin Hajji na da, a nuna wa masana a Gidan Arewa ko ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna kafin a sayar ko a zubar.