Ladan ceto

Ladan ceto (suna, namiji, dokar teku): kuɗin da ake biyan wanda ya kuɓutar da jirgin ruwa ko kayansa daga haɗari, alhali ba wajibinsa ba ne. Ƙa'idarsa: in ba a tsira ba, babu biya. Masu ceto na iya kwana uku suna jan jirgin da ya kafe a kan dutse. Idan ya nutse, sun tashi a tutar babu. Idan ya tsira, ana duba darajar abin da aka ceto, girman haɗari da gwanintarsu, amma ladan ba ya wuce wannan darajar. Yarjejeniyar Landan ta 1989 ta sassauta, kuma ta kyauta: wanda ya yi ƙoƙarin hana mai malala yana samun diyyar ɗawainiyarsa ko jirgin ya salwanta.