Roƙo ko Sanarwa? Wasiƙar Ajiye Aiki da Sinanci

Ra'ayin da ya yaɗu tsakanin tafintocin kamfanonin Sinawa shi ne, wasiƙar ajiye aiki al'amarin ladabi ce kawai: ka gode wa manaja, ka nemi afuwa, ka roƙi amincewarsa, ka ba da wata guda. Ina ganin a nan an cakuɗa abubuwa biyu. Godiya ba ta rage wa ma'aikaci komai, amma roƙon amincewa yana iya raba shi da haƙƙinsa.

Sashe na 37 na Dokar Kwantiragin Aiki ta Sin, wadda ta fara aiki a 2008, ya ba ma'aikaci damar tafiya idan ya sanar a rubuce kwana 30 kafin lokacin. Bai gindaya yardar kamfani ba. Sashe na 36 kuwa na rabuwa ne bisa yardar juna. Wanda ya sa wa takardarsa kan 辞职申请, wato neman izini, ya rufe da "ina fatan a amince", ya buɗe ƙofar a ce tayi ya yi ƙarƙashin sashe na 36. Kan 辞职通知, wato sanarwa, shi ke toshe wannan ƙofa.

Mai sukar wannan matsayi zai ce, to ina ruwan Kafanchan da dokar Sin? Tafintan da ke wa kamfanin sayen citta aiki a kudancin Kaduna, ai dokar Nijeriya ke kansa. Gaskiyarsa, kuma dole in taƙaita da'awata. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ya tanadi sanarwar mako biyu ga wanda ya yi shekara biyu zuwa biyar, wata guda ga mai shekara biyar ko fiye, sai in kwantiragi ya tsawaita. Tafintan da ya yi shekara uku ya ba da wata guda, watakila ma kyauta ya yi. Amma sukar ba ta rushe batun ba, domin manajan zai karanta takardar ne da idon al'adar ofisoshin ƙasarsa, inda "neman izini" ke jiran sa hannu. Ga tafintan yana ƙirga kwanaki, ga takarda kwance a aljihun tebur, manaja na cewa a bari a gama loda busasshiyar citta tukuna.

Maganin yana cikin jimla guda. Idan tafintan ya miƙa takardar ranar 3 ga Maris, ya rubuta cewa ranar aikinsa ta ƙarshe 3 ga Afrilu ce, ya sa hannu, a buga masa hatimin karɓa a kwafinsa. Daga nan ya yi godiya iya son ransa. Manajan da aka gode masa shi zai ba da shaidar aiki gobe, amma ranar tafiya ma'aikacin ne ke yanke ta.