Yadda Brazil ta koyi ƙirga dajin Amazon daga sama

A ranar 23 ga Yulin 1972 Amurka ta harba tauraron ɗan Adam da daga baya aka sa wa suna Landsat 1. Duk bayan kwana 18 yakan dawo kan wuri guda ya sake ɗaukar hotonsa, kuma wannan dawowar ita ce tushen komai. Hoto ɗaya yana nuna abin da ke ƙasa ne kawai. Sai an jera biyu ake gane abin da ya tafi da abin da ya zo.

Na'urar da Virginia Norwood ta ƙera wa tauraron ba launin da ido ke gani kaɗai take ɗauka ba, har da wani haske da ke gaba da ja wanda idonmu ba ya kamawa. Ɗanyen ganye yana shanye jan haske, yana mayar da wancan ɓoyayyen da yawa. A kan haka masana a jami'ar Texas A&M suka gina ma'aunin `NDVI = (NIR - Red) / (NIR + Red)`. A ce ɗigo ɗaya na hoton daji ya mayar da kashi 4 cikin ɗari na ja da kashi 36 na ɓoyayyen: an raba 32 da 40, an sami 0.8. Baɗi an sare wurin, ƙasa ta fito fili, alƙaluman sun koma 20 da 30, sakamako 0.2. Faɗuwar nan ta 0.6 ita ce shaidar sara.

Lissafin ba wuya. Wahalar ita ce hotuna biyu sukan bambanta ko da ba a taɓa ko reshe ba. In ɗaya ya goce wa ɗan'uwansa da ɗigo guda, sai bakin kowane kogi da kowace hanya ya fito kamar an yi sara, kuma da haka ake gane matsalar, domin canjin yakan bi gefen abubuwa siriri kamar zare. Inuwar gajimare ma tana yaudara. Sai kuma lokacin shekara: wanda ya kwatanta hoton Kano na Agusta da na Maris zai rantse an share jihar kakaf, alhali rani ne kawai.

Brazil ta mayar da aikin nan na kowace shekara. Cibiyar binciken sararin samaniyarta, INPE, ta soma karɓar hotunan Landsat a Cuiabá tun 1973, sannan a 1988 ta kafa shirin PRODES domin ƙirga saran dajin Amazon. A lokacin Landsat 5 ke aiki, kowane ɗigo mita 30 ne. Abin sha'awa, ba kwamfuta aka damƙa wa hukunci ba. Ana buga hoton a takarda bisa ma'aunin 1:250,000, a shimfiɗa farar leda a kai, ma'aikaci ya bi gefen sabon sara da alƙalami. Milimita ɗaya a takardar mita 250 ce a ƙasa, don haka ƙaramin filin da aka yarda a zana shi ne hekta 6.25, kuma shirin ya riƙe wannan iyaka bayan ya koma kwamfuta domin alƙaluman shekaru su yi daidai da juna.

Dabaru biyu suka ba shi ƙarfi. Ana zaɓen hotunan rani, lokacin da gajimare ya ragu, shi ya sa shekarar ƙidayar ke farawa 1 ga Agusta ta ƙare 31 ga Yuli. Sannan duk inda aka taɓa rubutawa an sare, ana rufe shi, ba a sake dubawa. Gonar da ta yi kore bana ta bushe baɗi ba za ta shiga lissafi sau biyu ba. A ganina wannan ƙa'idar ta fi kowace sabuwar na'ura amfani, ko da yake tana da aibi: dajin da ya sake tohowa ba ya fitowa a ƙidayar.

Sai dai rahoton shekara labarin abin da ya riga ya wuce ne. A 2004 aka ƙirga murabba'in kilomita 27,772 da aka sare, kuma a shekarar INPE ta fito da DETER, mai amfani da na'urar MODIS. Ɗigonta mita 250 ne, ba ta ganin ƙasa da hekta 25, amma kusan kullum tana wucewa. An sayar da kaifin gani an sayi sauri, ana aika wa hukumar muhalli IBAMA faɗakarwa tun motocin ture itace suna wurin. Zuwa 2012 adadin ya sauko zuwa 4,571, ko da yake tara da hana bashin banki su ma sun taka rawa.

Masu sara ba su zauna ba. Suka koma yanka ƙananan filaye da ba su kai hekta 25 ba, wasu kuma suka riƙa aiki da damina a ƙarƙashin gajimare. Dole a 2015 INPE ta sauya DETER zuwa na'urorin da suka fi MODIS kaifin gani, ciki har da ta tauraron CBERS-4 da Brazil ta haɗa gwiwa da Sin wajen ƙerawa.