Ƙurar Maiduguri da kibod: yadda ake fitar da dattin ƙarƙashin maɓallai ba tare da an karya su ba

Duk wanda ya yi aikin buga takardu a Maiduguri ya san cewa daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris ba a rabuwa da ƙura. Iskar hunturu tana ɗebo ta ne daga arewa maso gabas, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar ƙasa mai laushi kamar gari. Wannan ƙurar ba ta jiran a buɗe mata ƙofa. Tana bi ta taga da ƙasan ƙyaure, ta sauka a kan kibod, ta zurara ta tsakanin maɓallai. A can ciki sai ta haɗu da ɓurɓushin biredi da ɓawon gyaɗa da sukarin shayi, har wata rana ka danna maɓalli ya ƙi fitar da harafi, ko ya nutse ya ƙi dawowa.

Ga mai shagon buga furojet a kusa da Jami'ar Maiduguri, wannan asarar lokaci ce da kuɗi. Ga cibiyar jarrabawa kuwa abin ya fi haka. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma ɗalibi yana iya amsawa da 'yan maɓallai kaɗan: A, B, C, D don zaɓar amsa, N don zuwa tambaya ta gaba, P don komawa baya, S don miƙa aiki. To idan N ya cije wa yaron da bai saba da kwamfuta ba, mintunansa ne ke tafiya.

Ku da ke Agege ko Sabo ta Ibadan ko Fatakwal, ƙurarku ba ta kai ta Barno yawa ba, amma ta fi ta naci. A Maiduguri iska busasshiya ce, dattin yana zaune ne sako-sako, da an hura sai ya tashi. A kudu laima tana kama shi ya haɗu da maiƙon yatsa ya manne, don haka burushi ya fi iska aiki a wajenku. Zan riƙa nuna bambancin inda ya taso.

Kafin a taɓa komai, ina fara tabbatar da cewa datti ne matsalar. A buɗe Notepad a danna maɓallai ɗaya bayan ɗaya. Idan maɓalli ɗaya ne ke buƙatar a danne shi da ƙarfi, ko ana jin ƙaras-ƙaras a ƙarƙashinsa, ko yana jinkirin dawowa, to datti ne. Amma idan maɓallai huɗu ko biyar suka mutu tare lokaci guda alhali dannuwarsu lafiya lau, galibi layin wutar da ya haɗa su a cikin kibod ɗin ne ya yanke, ko ruwa ya ci shi, kuma shara ba za ta gyara wannan ba. Akwai kuma abin da ke ruɗa mutane a wasu laftof: ka danna J, K, L sai 1, 2, 3 su fito. Wannan Num Lock ne a kunne, a kashe shi kawai.

Idan an tabbatar datti ne, a cire kibod daga kwamfuta, ko a cire batirinsa in maras waya ne. Laftof kuma a kashe ta gaba ɗaya, ba a rufe murfi kawai ba, a zare caja. Sai a kifa kibod a kan jarida a bubbuga bayansa a hankali da tafin hannu. Abin da ke zubowa a wannan matakin shi kaɗai yakan ba mai kayan kunya. Daga nan sai burushi: sabon burushin fenti ƙarami mai laushi, wanda faɗinsa bai wuce inci ɗaya ba, ko tsohon burushin haƙori da ya bushe sarai. A karkata kibod ɗin, a bi layi-layi ana sharowa zuwa gefe ɗaya, don dattin ya fita waje maimakon ya koma ƙarƙashin maɓallin da ke kusa.

Maganar iska ita ce inda aka fi yin ɓarna. Wadda na fi amincewa da ita ita ce 'yar robar nan da masu gyaran waya da agogo suke matsawa da hannu. Ba ta da ƙarfin da zai fizge maɓalli, ba ta buƙatar wuta, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da ya daɗe cikin duhu bayan lalata turakun wutar hanyar Damaturu a 2021. Akwai iskar gwangwani, wadda a gaskiya ba iska ba ce, gas ne da aka matse ya zama ruwa. A riƙe gwangwanin a tsaye, a fesa kaɗan-kaɗan. Idan aka kifa shi ruwan ne zai fito, mai tsananin sanyi, kuma yana iya kama wuta, don haka a nisanta shi da janareta da sigari. Kamfanin Apple ma ya ba masu laftof ɗinsa shawarar su karkata ta kamar digiri 75 su fesa daga hagu zuwa dama, sannan su juya ta gefe su maimaita. Dabarar tana aiki a kan kowace laftof, domin karkatarwar ce ke sa dattin ya faɗo.

Bulowar lantarki da masu gyara ke amfani da ita tana da kyau ga kibod ɗin tebur idan an tsaya nesa da shi kamar taku ɗaya, a waje, ba cikin shago ba. A kan laftof ba na son ta. Injin mai faci kuwa a bar shi ga taya: iskarsa tana zuwa da ɗigon ruwa da mai daga cikin tanki, ga ƙarfi fiye da kima. Hurawa da baki ma yawu take kaiwa ciki.

Sau da yawa aikin yana ƙarewa a nan. Cire murfin maɓalli sai in iska da burushi sun gaza, kuma sai an san irin kibod ɗin. Na tebur na yau da kullum, wanda ya cika shaguna da makarantu, kowane maɓallinsa yana da ƙafa da ke shiga rami ta danna wata 'yar roba mai kamar ƙoƙo. Wannan cire shi ba wuya. Akwai mai tsada da masu wasan kwamfuta ke so, wanda murfinsa ke zaune a kan tsinke mai siffar alamar tarawa, shi ma ana zare shi sama kai tsaye. Laftof ce mai haɗari. A ƙarƙashin kowane maɓallinta akwai siraran robobi biyu da suka gitta kamar almakashi, suna riƙe da ƙananan ƙugiyoyi waɗanda ba su kai ƙwayar gero ba. Ɗaya ta karye, maɓallin ba zai sake zama ba.

Ga misalin aiki ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, irin wanda ake kawowa kusan kowane Fabrairu: kibod ɗin tebur mai maɓallai 104, N sai an danne shi da ƙarfi, dogon maɓallin Space kuma yana nutsewa ta gefen dama. An kifa, an share, an hura, N bai sauya ba. Abu na farko, a ɗauki hoton kibod ɗin da waya. Kowa yana ganin ya san inda kowane harafi yake har sai ya cire goma. Sai a sa ƙaramin sukudireba mai faɗin baki, wanda aka naɗe bakinsa da salatif, a ƙarƙashin gefen N, a ɗora yatsa a kansa don kada ya yi tsalle, a ɗaga a hankali har a ji ya ce ƙas. A irin wannan hali abin da ake tararwa shi ne rairayi ya cika bakin ramin, ƙafar maɓallin tana gogar sa. A goge ramin da ƙafar da audugar goge kunne da aka ɗan jiƙa da sufirit, mara launi, a matse ta har ba ta ɗiga. Kada a zuba komai a cikin ramin, domin takardar wutar tana ƙasa. Bayan minti biyu ko uku ya bushe, a daidaita maɓallin a danna shi ya koma.

Space kuma yana da siririyar wayar ƙarfe a ƙarƙashinsa, wadda ke sa ya sauka daidai ko ta wane gefe aka danna. Haka Enter da Shift a yawancin kibod. A ɗaga shi daga gefuna biyu kaɗan-kaɗan, a leƙa a ga yadda wayar ta shiga ƙugiyoyinta kafin a raba su. Nutsewa ta gefe ɗaya tana nufin ko dai wayar ta fita daga ƙugiya ɗaya, ko shayi ya bushe a wurin ya zama danƙo. A goge, a fara mayar da bakin wayar biyu cikin mazauninsu, sannan a danna murfin. Wanda ya danna murfin kafin wayar ta zauna, zai sake cirewa. Man inji ko man girki kada ya je wurin, don maiƙo ne ke kama ƙurar gobe.

Idan duka maɓallan aka cire, ana iya jiƙa su a ruwan ɗumi da ɗan sabulun ruwa kamar minti 20, a ɗauraye, a shanya a kife a inuwa. A inuwa na ce, domin ranar Maiduguri, wadda ke haura digiri 40 a Afrilu, tana iya lanƙwasa roba. A can sa'o'i kaɗan sun isa. A Legas ko Fatakwal lokacin damina a bar su su kwana, a kuma karkaɗe kowanne, saboda ruwa yana ɓuya a cikin ƙafar.

A laftof, shawarata ita ce a tsaya a kan iska da burushi. In dole ne, a cire ƙaramin maɓalli ɗaya tak, da farce ko siririyar roba, a ɗaga a hankali, in an ji ya turje a sake gwada wani gefen. Kada a taɓa almakashin, kada a ja 'yar robar tsakiya, don a manne take. A zaro dattin da tsinken sakace, a ɗora murfin daidai a danna har a ji ƙas ta kowace kusurwa. Laftof ɗin Apple da aka yi tsakanin 2015 da 2019 masu siraran maɓallai, waɗanda har yanzu ake samun tokumbonsu a kasuwar kwamfuta ta Ikeja, su kam kada a cire musu maɓalli a gida. Ƙwayar ƙura ɗaya tana hana su aiki, kuma ƙugiyoyinsu sun fi na kowa saurin karyewa.

Game da yawan shara, a Maiduguri lokacin hunturu kifawa da burushi sau ɗaya a mako ya dace da shagon da ke aiki kullum, cire maɓallai kuma sau ɗaya bayan hazo ya wuce. A kudu sau ɗaya a wata ya wadatar in ba a cin abinci a kan tebur. Da dare a rufe kibod da ƙyallen auduga. Leda tana tare ƙura, amma a garin laima tana tara gumi a ƙarƙashinta, don haka ku na kudu ƙyallen ya fi muku.