Asalin Matakai Shida na Ƙwarewa a Harshe

Kafin shekarun 1970, makarantun Turai suna auna mai koyon harshe da yawan nahawun da ya haddace ko shekarun da ya yi a aji, ga shi kuma kowace ƙasa da irin nata ma'aunin, har ya zama takardar shaidar da aka bayar a wata ƙasa ba ta da fassara a maƙwabciyarta. Da zirga-zirgar ma'aikata ta ƙaru, sai Majalisar Turai mai mazauni a Strasbourg, wadda daban take da Tarayyar Turai, ta ɗora wa masana aikin sake tsari. A 1975 Jan van Ek ya fitar da bayanin matakin dokin ƙofa, wato mafi ƙarancin abin da baƙo yake bukata don ya yi ciniki, ya nemi hanya, ya faɗi ra'ayinsa, kuma daga nan ne aka koma duba abin da mutum yake iya aikatawa da harshe.

A taron Rüschlikon na ƙasar Suwizalan a 1991 aka amince a samar da ma'auni na bai-ɗaya. Brian North da Günther Schneider suka tattara jimlolin da ke bayyana iyawa, suka ba malamai kusan 300 su auna ɗalibansu da su, sannan aka yi amfani da lissafin Rasch, wanda ke jera abubuwa gwargwadon wahalarsu, aka tsara jimlolin daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Sakamakon ya fito a 2001 da sunan CEFR, mai matakai shida: A1 da A2 na ɗan koyo, B1 da B2 na mai cin gashin kansa, C1 da C2 na ƙwararre, inda dokin ƙofar nan ya zama B1.

Jarrabawar Faransanci ta DELF, wadda ake rubutawa a Nijeriya, tana nuna yadda ake aiki da matakan. A matakin B2, sauraro da karatu da rubutu da magana kowanne yana da maki 25, ana cin jarrabawar da 50 cikin 100, amma da sharaɗin samun aƙalla 5 a kowane ɓangare. Saboda haka wanda ya sami 22 a karatu, 20 a rubutu, 15 a magana, amma 4 a sauraro, ya faɗi duk da cewa jimillarsa 61 ce.

Ma'aunin yana da iyaka, domin sauraro da karatu ba a ganin su ƙuru-ƙuru, sai dai a gano su daga amsoshin tambayoyi, yayin da magana da rubutu suka dogara ga hukuncin masu ba da maki, waɗanda dole a horar da su don kada su saɓa wa juna. Ƙarin littafin CEFR da Majalisar ta kammala a 2020 ya sanya mataki ƙasa da A1, ya kuma daina gwada mai koyo da wanda aka haifa cikin harshen.